Takardar Baba Dum

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da takwas yana buga babbar ganga a badujalar ma'aikatan jirgin ƙasa. Walda ce aikinsa na ainihi, kuma ya yi ritaya tun shekara shida da suka wuce. A badujala kuwa bai yi ritaya ba, ba shi ma da niyya. Ba mai kiran sunansa na yanka. Baba Dum ake ce masa, har matarsa, wadda muke kira Inna, in ya ba ta haushi.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta. Ranar Lahadi nakan je in gaishe su, in zauna a kan benci a tsakar gida, shi yana magana ni ina ji. Yawancin abin da zan faɗa a nan a kan bencin nan na ji shi. Sauran kuma na gani da idona.

Ya ce ranar da ya fara shiga tsohon siton da ke bayan tasha, inda ake gwaji Talata da Asabar bayan an tashi aiki, ƙaho ya je nema. Tsohon Banmasta, shugaban badujalar na lokacin, ya dubi leɓɓansa, ya dubi kafaɗarsa, ya ce, "Kai ba na ƙaho ba ne. Ɗauki waccan." Ya nuna masa gangar da ta kusa kai shi tsawo a kan mazauninta, da gula, wato sandar bugu mai dunƙulallen kai.

Tsohon ya koya masa karatun takarda daidai na mai ganga: layukan tsaye da suka raba shafi ɗaki-ɗaki, bugu nawa ne a kowane ɗaki, inda za a buga da inda za a yi shiru a ƙirga. A zamanin, bugaggun takardun kiɗan ba su da yawa, a kulle suke a kabad. Tsohon da hannunsa yake kwafe wa kowa nasa. Masu ƙaho da masu sarewa yakan kwafe musu komai. Na mai ganga kuwa ɗigo-ɗigon bugu kawai yake sawa, ya bar duk wani rubutu.

"Ce mini ya yi, ganga kunne take bi," in ji Kawu. "In ka ji sun tashi ka tashi, in ka ji sun kwanta ka kwanta. Ni kuwa a lokacin, ko allura ta faɗi a ƙarshen sito sai na ji."

Haka ya yi ta bin kunne har Tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, kunnen ya fara gajiya. Ƙarar guduma da injin yankan ƙarfe sun ci na hagu, ganga ta taimaka musu. Inna ce ta fara ganewa, don rediyon gidan har maƙwabta na sauraron labarai da shi. A sito kuwa, sarewa ta ɓace masa gaba ɗaya, ƙahoni sun koma kamar ana busa su a wani gida. Da ya daina jin kansa sosai, sai ya ƙara wa hannu ƙarfi, bai sani ba.

Sai aka kawo sabon Banmasta. Matashi ne, siriri, ya yi makarantar kiɗa, yana da fara'a amma ba ya wasa da gwaji. An sa badujalar za ta yi kiɗa ranar buɗe babban zauren tasha da aka gyara, a zaune, cikin ɗaki, ba maci a fili ba. Ya zaɓi wani kiɗa da suka daɗe suna yi, mai farawa a hankali ya ƙare da gudu.

Ranar wata Talata ya tsayar da su sau huɗu. A na huɗun ya ajiye sandarsa.

"Baba, me aka rubuta a ƙarƙashin ɗakin farko?"

Kawu ya duba takardarsa, wadda ta yi ja don tsufa. "Ba komai, ranka ya daɗe."

"Ba a sa piano ba?"

"Wane piano? Ai ba mu da shi. Ganga ce wannan."

Aka kwashe da dariya. Dogo, mai buga ƙaramar ganga a gefensa, har da dukan cinya. Banmasta bai yi dariya ba. Bayan an tashi ya ja shi gefe, ya yi magana a hankali, har sai da Kawu ya karkato kunnen dama.

"Baba, ina ganin girmanka. Amma kana danne kowa, kuma a tsakiyar kiɗan nan ana gudu, ina zargin gangarka ce ke ja. Saura mako uku da 'yan kwanaki. Asabar ta uku zan saurare ka. In bai gyaru ba, Dogo zai karɓi babbar ganga, kai kuma mu yi maka walimar ban kwana."

"Walima," in ji Kawu da yake ba ni labari. "Ka ji yadda masu ilimi ke korar mutum? Da lemo."

Na zaci zan same shi cikin ɓacin rai. Ya ce ran nasa ya ɓaci, har ƙofar sito. Daga nan kuma wani abu ya fi damunsa: shin me aka rubuta a takardun sauran da ba a rubuta a tasa ba? Shekara talatin da takwas yana hango ƙananan kalmomi a takardar mai ƙahon da ke gabansa, ya ɗauka sunayen mutane ne.

Makullin kabad yana hannun wata mai busa sarewa, tsohuwar mai sayar da tikiti, wadda kowa ke kira Mai Kabad. Washegari ya same ta. Ta tona har ƙasa, ta ciro bugaggiyar takardar babbar ganga ta wannan kiɗan, fes da ita, don ba a taɓa ɗora ta a gaban kowa ba. Suka jera ta da tasa a kan tebur. Ɗigon bugun duk ɗaya. Amma bugaggiyar cike take da rubutu, sama da ƙasa.

"Ashe wasiƙa aka aiko mini tun ina matashi," ya ce, "aka ba ni ambulan aka riƙe takardar."

"To zauna in karanta maka, Yaya," in ji Mai Kabad. "Na sama da layi, yawancinsu maganar sauri suke. Na ƙasa, maganar ƙarfi. Kar ka haɗa su, ba dangi ba ne."

Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, can sama ta hagu: Andante. Ta ce Italiyanci ne, daga kalmar tafiya, wato a yi kiɗan kamar takun mai tafiya, ba gudu ba, ba jan ƙafa ba.

"Tafiyar wa? Tawa ko ta Dogo? Taku ɗaya nasa biyu nawa ne."

"Ta Banmasta. Shi zai nuna da sanda tun daga farko. Kai naka ka riƙe, kar ta canza sai takarda ta ce."

"Me ya sa Italiyanci? Mai kiɗan ɗan can ne?"

"Ba dole ba. Su suka yi fice a kiɗan takarda lokacin da aka fara sa kalmomin, sai kowa ya ara. Yanzu ko'ina ka je, mai ganga zai gane."

Wannan ya burge shi ƙwarai. Ya ce wato akwai wani tsoho a wata ƙasa da ba su taɓa haɗuwa ba, ba sa jin yaren juna, amma in aka ajiye musu takardar nan hannunsu zai sauka iri ɗaya.

Ta nuna masa p, wato piano, a buga a hankali. Da f, forte, da ƙarfi. In harafin ya zama biyu, abin ya ƙaru: pp kamar raɗa, ff iya abin da fata za ta bayar ba tare da muryarta ta lalace ba. In m ta shiga gaba, tsaka-tsaki ke nan. Can ƙasan shafi, bayan wasu layuka biyu na tsaye, an rubuta Allegro a sama. Ta ce nan ne za a yi sauri, kuma asalin kalmar fara'a take nufi.

"Fara'a? To su ce sauri mana."

"Ka taɓa ganin mai murna yana jan ƙafa?"

Ya rubuta a ɗan littafin da yake rubuta awon ƙarfe a da.

A tsakiya ne aka zo wurin rigimar. Ƙarƙashin layi an sa cresc. poco a poco, sai ɗigo-ɗigo suka miƙe har ɗaki goma sha shida, suka ƙare a kan ff, dab da Allegro.

"Kireshendo," ta ce. "Ƙarfi yana ƙaruwa. Poco a poco, kaɗan-kaɗan."

"Na san nan! Nan ne muke tashi."

"Nan ne kuke tashi ku duka kamar an ce gobara. Yaya, inda ka ga kalmar, nan ne ya kamata ka fi kowa yin ƙasa. In ka zuba ƙarfinka a ɗakin farko, me za ka ƙara a sauran goma sha biyar?"

"Saurin fa?"

"Wane sauri?"

"Ai in an tashi ana ƙara sauri."

"Na ƙara sauri sunansa daban. Accelerando. Ka gan shi a nan?"

Ya bi shafin da yatsa, layi-layi, sau biyu. Babu.

Matsalar da ta rage ita ce wadda bai gaya wa Mai Kabad ba. Sanin cewa piano a hankali ne ba shi da amfani ga wanda ba ya jin ko a hankalin yake bugawa. Kwana biyu yana juya abin. Sai mai waldan da ke cikinsa ya farka. Abin da kunne ba zai auna ba, ido zai auna.

Da na je ranar Lahadi na tarar ya jingina matashin kai da bango a kan bencina, ya ja layuka da alli a jikin bencin. Layin farko yatsu biyu daga matashin: piano ke nan, daga nan gula za ta taso. Na gaba faɗin tafin hannu. Na gaba taƙi ɗaya: forte. Na ƙarshe kamu guda, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. A kireshendon yana bugu biyu a kowane ɗaki, talatin da biyu ke nan, don haka ya raba tazarar ya san inda gula za ta kai a ɗaki na huɗu, da na takwas, da na goma sha biyu.

"Zauna a ƙasa," ya ce mini. "Bencin na aiki."

Inna ta leƙo daga kicin. "Ka ga abin da nake fama da shi? Matashina ya zama ganga. Jiya na aike shi sayen sabulu, ya yi awa guda."

"Andante nake yi."

"Yana tafe yana ƙirga, mutane na gaishe shi ba ya amsawa. Mai shago ya tambaye ni ko lafiya."

"Na gano wani abu ne," in ji shi, ya juyo gare ni. "In na taka da ƙarfi, sai ƙafar ta so ta yi sauri da kanta. Gwada ka gani. Jiki ne ke haɗa su, ba takarda ba. Sai ka hana shi."

Na gwada a tsakar gidan. Gaskiyarsa ne. Inna ta dube mu mu biyu, ta girgiza kai ta koma.

Amma ita ma ta kamu. Kafin mako ya zagayo, in ya ɗaga murya sai ta ce, "Piano, Malam, maƙwabta na barcin rana." In ya daɗe a banɗaki ta buga ƙofa ta ce, "Alegiro!" Ya ce mini shekara arba'in suna tare, bai taɓa sanin tana da kan karatu haka ba sai da ta samu abin zaginsa da shi.

A gwaje-gwajen da suka biyo baya Banmasta ya raba su, yana aiki da masu busa su kaɗai, don haka ba wanda ya ji abin da Kawu ke shiryawa. Asabar ta uku ya ce in zo in ina so. Na zauna a kan wani akwati kusa da ƙofa. Rana na shigowa ta hujojin kwano, mutum ashirin da wani abu a kan kujerun ƙarfe, gangunan a baya. Kawu ya ɗora bugaggiyar takardar a gabansa. Na ga Dogo ya leƙa ta, ya taɓe baki.

Banmasta ya ɗaga sanda. Aka fara.

Ban taɓa jin gangar nan haka ba. Ba ka jin ta a kunne sosai, a ƙirji kake jin ta, dum, dum, can ƙasa. Gula ba ta wuce yatsu biyu daga fata, hannun hagu yana kan gangar yana kwantar da amon. A karon farko na ji sarewar Mai Kabad. Banmasta ya ɗaga gira ya dubi baya.

Sai aka iso kireshendo. Masu ƙaho suka ja numfashi suka tashi gaba ɗaya, yadda suka saba shekara da shekaru, ƙarfi da sauri tare. Ni ban san takarda ba, amma na ga sandar Banmasta ita ma ta fara sauri, tana bin su. Kawu kuwa yana nan inda yake, kansa a sunkuye, leɓɓansa na ƙirga, tazarar gula na buɗewa kaɗan-kaɗan. Ɗaki biyar, shida, ganga da ƙahoni suka rabu. Abin ya zama kamar mutum biyu na gardama.

Banmasta ya buga sanda a kan ƙarfe. Aka yi tsit, sai gangar da ta ƙara dum ɗaya ita kaɗai, don Kawu bai ji an tsaya ba.

"Baba Dum ya sauka a tashar baya," in ji Dogo. "Jirgi ya bar shi." Aka yi dariya, amma ba irin ta ranar farko ba.

"Baba," in ji Banmasta, da muryar mai jin nauyin abin da zai faɗa, "farkon ya yi kyau ƙwarai. Amma a nan ka makara. Da kana gaba, yanzu kana baya."

Na ga Kawu ya ajiye gula. Na zaci sallama zai yi. Sai ya ciro takardar, ya tako har gaba, ba da fushi ba, da fuskar nan tasa ta mai son ya san abu.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Kusan mako uku ina neman accelerando a nan ban gan shi ba. Na ce ko a tawa ce aka manta, don an taɓa yi mini haka. Yana cikin taka?"

Banmasta ya duba babbar takardarsa, wadda ta ƙunshi layin kowa. Ya juya shafi, ya dawo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa hannu ya shafa ƙeyarsa.

"Babu," ya ce. Ya juya ga sauran. "Babu shi. Kun ja ni, na bi ku, na ɗora wa ganga laifi. Shi ya sa in mun isa Allegro ba a jin an shiga sabon wuri, mun riga mun cinye saurin a hanya."

"Haka muka gada," in ji wani mai ƙaho.

"To yau gadon ya ƙare." Ya koma kan Kawu. "Amma Baba, kai ma da naka. Kanka na cikin takarda. Da ka ɗago ka ga sandata ta yi sauri, ko kuskure nake yi, bi na za ka yi, mu yi gardamar daga baya. Kuma na tsayar da kiɗa ba ka tsaya ba." Ya rage murya, amma siton shiru yake. "Ba ka ji ba ne, ko?"

Kawu ya taɓa kunnensa. "Na hagu ya tafi. Na dama yana haɗa kaya."

"To da me ka yi piano ɗin nan?"

Kawu ya ɗaga yatsu biyu. Ya nuna tafin hannu, ya nuna taƙi, ya nuna kamu. Banmasta ya dube shi kamar an nuna masa wani injin da bai taɓa gani ba.

"Dogo, kama masa gangar. Ku kai ta can gefe, inda kunnensa na dama zai fuskanci ƙahoni. Ku sauke mazaunin takardar, ya riƙa ganin sandata ta samanta. Daga kireshendo. Kowa ya saurari ganga. Wanda ya wuce ta, shi za a yi wa walima."

Dogo ya tashi yana gunaguni. "Ni da aka ce zan gaje ta, na koma ɗan dako."

"Piano, Dogo," in ji Mai Kabad.

Sau uku suka gwada. Na farko suka gudu. Na biyu suka gudu a ɗaki na goma. Na uku suka bi takun gangar, wadda idon mai ita ke kan sanda. Amon ya yi ta kumbura ba tare da ya yi gaggawa ba, har na ji kwanon rufi na rawa, na ga hannun Kawu ya buɗe kamu guda. Sai sanda ta sauka, Allegro ya ɓalle, kuma a karon nan kowa ya ji an buɗe ƙofa.

Banmasta bai yi jawabi ba. Ya rufe takardarsa ya ce, "Baba, ranar Asabar ɗin buɗe zauren ka zo da wuri, mu ji yadda zauren ke amsa ganga. Mai yiwuwa forte ɗinka na can ba zai kai taƙi ba."

Kawu ne ya buga babbar ganga a ranar buɗe zauren. Da aka gwada da safe, sai da ya rage yatsa ɗaya daga kowane awo, don ɗakin yana da amsa-kuwwa. Wannan ma ya shiga ɗan littafin.

Ya san kunnen dama ba zai jira shi har abada ba, ya faɗa mini da bakinsa. Amma ya sa Mai Kabad ta ciro masa bugaggun takardun duk kiɗan da ya taɓa bugawa, guda sittin da ɗaya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ganin abin da aka aiko masa. Lahadin da ta wuce na tarar da bencin cike da su. Bai ko amsa gaisuwata ba.

"Zo ka ga wannan," ya ce. "Allegro ma non troppo. Wai da sauri, amma kar ya yi yawa. To yawan a ina yake farawa? Wa zai gaya mini?"

"Ni," in ji Inna daga kicin. "Tashi ka ba yaron mutane wurin zama."